Saƙon da ya sauya hannu: yadda ake duba suna, kuɗi da rana

A Ibohamane, cikin gundumar Keita ta jihar Tawa, da wuya saƙo ya isa ga mai shi da kalmomin da aka aiko shi. Da an gama girbi, samari da magidanta da yawa na ƙasar Adar sukan tafi bida, wasu Najeriya, wasu Abijan, wasu Libiya ko Aljeriya. Al'ada ce da ta daɗe. Ko lokacin da aka fara babban aikin farfaɗo da ƙasa na Keita a 1984, da tallafin Italiya da hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, mata ne suka fi yawa a wuraren jera duwatsu da dasa itatuwa, saboda mazan suna can. Wasiƙa da kaset sun wuce, yanzu saƙon murya ne a waya, amma mai shiga tsakani yana nan: yaron da ke da babbar waya, ɗan lakwal da ke karanta Faransanci, sakataren ƙungiyar manoman da ke shan ruwan madatsar garin, mai shela. Kowannensu yakan karɓi magana a wata siffa ya fitar da ita a wata. Murya ta koma rubutu, Faransanci ya koma Hausa, Hausa ta koma Tamashek, dogon bayani ya koma layi uku.

Ba laifi ba ne a sake tsara saƙo. Tsohuwar da ba ta karatu ba ta da wata hanya. Kuma tun da kundin da aka kafa a Nijar a 2025 ya sanya Hausa ta zama harshen ƙasa, Faransanci kuma ya tsaya a harshen aiki, mayar da takardun ofis zuwa Hausa ƙaruwa zai yi. Mai sake saƙo yana da 'yancin sauya gaisuwa, ya rage maimaici, ya tausasa lafazi. Abubuwa uku ne ba nasa ba: wane ne, nawa ne, yaushe ne. Abin da nake so in nuna shi ne cewa duba waɗannan ukun ba kwatanta baƙaƙe da baƙaƙe ba ne. Lamba tana iya zama daidai a takardu biyu alhali saƙon ya lalace, kuma tana iya sauyawa alhali saƙon yana nan lafiya.

A fara da kuɗi, don a nan aka fi ɓatawa. Takarda tana ƙirga tamma, wato faran na sefa ɗaya-ɗaya, baki kuma yana ƙirga dala, kowace dala tamma biyar. Dala ashirin ita ce 100 a rubuce, dala ɗari ita ce 500, jikka ita ce 1.000. Saboda haka idan mai tebur a kasuwar Buza ta ce «ɗari biyar», abin da take nufi 2.500 ne, kuma yaron da ya rubuta 500 ya zaftare kashi huɗu cikin biyar na kuɗin ba tare da ya sauya kalma ko ɗaya ba. Wanda ya rubuta 2.500 shi ne ya isar da amana, ko da yake lambarsa ba ta yi kama da abin da kunne ya ji ba. Kalmar «dubu» ma ta fi wannan santsi. A bakin wanda ya yi lakwal ko mai karanta labarai, dubu biyu 2.000 ce. A bakin dattijon da bai taɓa barin ƙirgar dala ba tana iya zama 10.000. Idan saƙon ya ratsa iyaka sai wani rikicin ya ƙaru, don tsofaffin 'yan kasuwar Najeriya suna kiran naira ɗari biyu jaka guda, kuma ɗan bida da ke Kano ko Legas yana iya faɗin lamba bai ce naira ce ko sefa ba.

Ko a rubuce akwai tarko. Tsarin Faransanci yana raba dubbai da ɗigo ko ɗan fili, ya ware ɓarɓashi da waƙafi, tsarin Ingilishi kuma akasin haka yake yi. Farashin yuro ɗaya a sefa, wanda aka tsayar tun 1999, ana rubuta shi 655,957 a Yamai. Ɗan Kano da ya gani zai karanta dubu ɗari shida da hamsin da biyar da 'yan kai, alhali sefa 655 ce da ɗan ɓarɓashi. Manyan masana ma ba su tsira daga irin wannan ba. A watan Satumba na 1999 hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka ta yi asarar kumbon da ta aika duniyar Maris, saboda wani rukunin ma'aikata ya ba da lambobinsa da ma'aunin Amurka, wani rukunin kuma ya ɗauke su a ma'aunin mita. Lambobin sun wuce daga hannu zuwa hannu ba a taɓa su ba. Ma'aunin ne ba wanda ya tambaya.

Bari mu bi misali ɗaya daki-daki. Ba na wani gida takamaimai ba ne, na tsara shi ne daga irin saƙon da kowa ya sani. Magidanci yana Abijan, ranar Talata bayan isha'i ya aiko murya: «Na turo jikka saba'in da biyar da sunan ƙanena Abdu Isufu. Jikka arba'in a sayi taki, ashirin da biyar a ba Inna, goma a ba magini cikon kuɗinsa. Motar albasa za ta biyo jibi, a shirya buhuna.» Layi bai yi kyau ba, saƙon bai sauka ba sai Laraba da hantsi. Yaron da ke riƙe da wayar ya saurara sau ɗaya, ya yagi takarda daga littafinsa ya rubuta wa kawunsa: «An turo 75.000 da sunan Isufu Abdu. Dubu arba'in na taki, sha biyar na Inna, goma na magini. Mota jibi.»

Duk wanda ya karanta wannan takardar zai ce ta yi. Gajera ce, a tsare take, kuma babbar lambar daidai ce: jikka saba'in da biyar ita ce 75.000. Wannan daidaiton ne ke sa ido ya saki jiki ya wuce sauran. Shi ya sa mai dubawa ba ya farawa da kwafi. Yakan kife shi, ya koma ga asali, ya saurari muryar yana tsayar da ita bayan kowace jimla, yana rubuta abin da ba ya canzuwa a jere, ɗaya ƙarƙashin ɗaya: jimillar kuɗi, sunan mai karɓa, kaso na farko da abin da za a yi da shi, na biyu da mai shi, na uku da mai shi, ranar mota. Kowace lamba ya rubuta ta da ma'auninta a gefe. Sai bayan ya gama ya buɗe kwafin, ya nemi kowane abu ɗaya-ɗaya, yana sa alama a kan wanda ya samu.

Tun kafin a kai nan ma, lissafi kaɗai ya isa ya tona kuskure ɗaya. Arba'in da sha biyar da goma sittin da biyar ne, saura goma ba ta da mai ita. Duk saƙon da ke da jimilla da rabe-rabe yana ɗauke da mai gadinsa, muddin an tsaya an tara. «Ashirin da biyar» ta koma «sha biyar» don wutsiyarsu ɗaya ce, kuma kunne ya fi riƙe wutsiyar lamba idan ana magana da sauri ko iska tana kaɗa wayar. Haka sha uku da talatin da uku, haka sittin da bakwai da saba'in da bakwai. Akwai kuma dabarar da masu riƙe littafin kuɗi suka sani: idan an juya lambobi biyu maƙwabta, aka rubuta 57.000 a maimakon 75.000, bambancin kullum yana rabuwa da tara ba saura. A nan 18.000 ne. Idan giɓin da ka gani ya rabu da tara, fara neman lambar da aka juya kafin ka fara zargin mutum. Sai dai tarawa tana da iyaka. Da yaron ya ba Inna goma ya ba magini ashirin da biyar, jimilla za ta cika cif, kuma babu abin da zai nuna kuskuren sai jeren da aka ciro daga asali, inda kowane kaso ke manne da mai shi.

«Jikka» da ta koma «dubu» kuwa, a wannan misalin za a iya kama ta, don idan kawu ya ji dubu arba'in da kunnen dala zai lissafa 200.000, wanda ya fi duk abin da aka turo, sai ya tambaya. Kuskuren da ya fita hankali yakan tona kansa. Wanda ke cuta shi ne mai kama da gaskiya, kamar ɗari biyar ɗin can da ta koma 500.

Sunan ya fi ban tsoro fiye da yadda ake zato. A ƙasar Hausa mutum yana ɗaukar sunansa sannan na mahaifinsa, don haka Abdu Isufu shi ne Abdu ɗan Isufu. Takardun ofis na tsarin Faransa sukan nemi sunan dangi a gaba, sunan mutum a baya, kuma yaron da ya saba jin ana kiran suna haka a aji yana iya juyawa bai ma lura ba. Da yake ana yawan maida sunan kaka ga jika, abu ne mai sauƙi a ce Isufu Abdu mutum ne na gaske a gidan: mahaifin, wanda shi ma ɗan wani Abdu ne. Sai tsoho ya ɗauki katinsa, ya biya kuɗin babur zuwa inda ake karɓar kuɗi. Kamfanonin aika kuɗi irin su Nita, Al Izza da Amana suna biyan wanda sunansa ke kan aike ne, bayan an duba takardar shaidarsa. Ma'aikaci zai ɗora katin a gefen na'ura, ya dubi allo, ya dubi katin, ya turo shi ta ƙasan gilashi ya ce, «Baba, ba sunanka ne a kai ba.» Aikinsa ya yi. Tsohon ne ya yi asarar yini da kuɗin hanya, wataƙila kuma ya koma gida yana tunanin ɗansa ya raina shi.

Bayan juyi akwai rikicin siffofin suna. Muhammadu, Mahamadu, Mahaman, Mamman da Mamadu asalinsu ɗaya, amma a takarda mutane biyar ne. Haka Abubakar, Bubakar, Bube da Garba. Mai sake saƙo yakan ga kamar gyara yake yi idan ya maida Mamman ya zama Muhammadu, ko ya maye laƙabin da aka aiko da sunan yanka. Wani lokaci kuma babu sunan ma a cikin asali: mace ba za ta ambaci sunan mijinta ko na ɗan farinta ba, sai ta ce «mai gidan» ko «yaron nan», mai rubutu ya cike gurbin da wanda ya zata. A nan ƙa'idar da nake bi ba ta da sassauci. Sunan da zai je gaban ma'aikaci ana kwafe shi ne harafi-harafi daga katin mai shi, da irin rubutun da ke kan katin, ko da an san kuskure aka yi tun a takardar haihuwa. Sunan gari ma haka. Garuruwan da ake kira Sabon Gari, Zango ko Tudu ba su ƙirguwa tsakanin Keita, Buza da Madawa, don haka idan asali ya haɗa da sunan gunduma ko na garin da ke kusa, ba a yar da shi don neman gajarta.

Sai rana. Yaron ya rubuta «jibi» kamar yadda ya ji, kuma nan ne ya ɓata. Jibin Talata Alhamis ce, jibin Laraba Juma'a ce. Mota za ta zo Alhamis ta tarar albasa ba ta shiga buhu ba, direba kuwa ba zai kwana yana jira ba, ga hanyar Galmi da Ƙonni a gabansa. Yau, gobe, jibi, gata, rana ita yau, duk suna rataye ne da lokacin da aka furta su. Idan saƙo ya kwana a hanya dole a kwance su a ɗaura da rana tsayayya. Wayar tana nuna ranar da aka aiko kowane saƙo da ƙarfe nawa, amma idan aka tura shi gaba zuwa wata wayar sai ya ɗauki sabon lokaci, na farkon ya ɓace. Mai dubawa yana bukatar wayar da saƙon ya fara sauka, ko ya tambayi wanda ya turo.

Akwai wasu ramukan guda biyu da ke tsakanin ƙirgar Musulunci da ta bature. A wajenmu dare yana gaba da yininsa, daren Juma'a shi ne wanda ke shiga bayan magaribar Alhamis. Wanda ya maida shi Faransanci a matsayin yammacin Juma'a ya jinkirta taro da kwana guda. Sannan «watan bakwai» yana iya zama Yuli, yana iya zama Rajab, yana kuma iya zama na ƙirgar manoma da ake sa ran faɗuwar damina a cikinsa. Ko ranar wata ba kullum take ɗaya ba tsakanin Nijar da Najeriya, don akan yi shekarar da ganin jinjirin wata ya bambanta da kwana ɗaya. Maganin duka shi ne a rubuta rana da ƙafa biyu: sunan ranar mako da kwanan wata tare. Idan aka ce Alhamis 14 ga wata, kalanda kuma ta nuna 14 Juma'a ce, an san ɗayansu ya goce, sai a tambaya.

Bayan an bi daga asali zuwa kwafi, sai a juyo daga kwafi zuwa asali. Zagayen farko yana kama abin da ya faɗi ko ya sauya, na biyu yana kama abin da aka ƙara. Mai taimako yakan ƙara «da safe» ko «a gidan mai gari» don ya san haka aka saba, kuma mai karɓa ba shi da yadda zai bambance maganar mai saƙo da hasashen ɗan aike. A misalinmu zagayen farko zai nuna wani abin da ya faɗi wanda ba lamba ba ne: «cikon kuɗinsa». Da waɗannan kalmomi biyu, jikka goma ta rufe bashi. Babu su, magini yana iya ɗaukar ta a matsayin kafin alƙalami ya dawo neman saura. Ƙananan kalmomin da ke zagaye da lamba, irin su ciko, rance, kowane, kafin, daga, ana duba su tare da lambar.

Wannan aiki ba baƙo ba ne a wajen malamanmu. Masu kwafar littattafai da hannu suna kiransa muƙabala: ɗaya ya riƙe asali, ɗaya ya riƙe kwafi, ana karantawa da ƙarfi ana bi. Malamin hadisi Al-Khaɗib na Bagadaza, wanda ya rasu a 1071, ya so a bar ɗan da'ira fanko a ƙarshen kowane hadisi, sai an gwada shi da asali a ɗiga ɗigo a ciki, don mai karatu ya san inda aka duba da inda ba a duba ba. Hikimar mutum biyu a fili take: wanda ya rubuta abu da hannunsa abin da ya yi niyya yake gani, ko da ba shi ne a takardar ba. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi take, kuma ta ɗora shifta a kan wanda ake bi, wato wanda lambar za ta ci. Ni a ganina darasin da ke ciki ga ɗan aike shi ne ya maida wa mai saƙo abin da ya rubuta. Minti ɗaya na murya ya isa: «Yaya, ga abin da na rubuta, jikka saba'in da biyar, wato 75.000, Abdu ne zai karɓa, mota Alhamis. Haka ne?» Lambar sirrin karɓar kuɗin kuwa ba ta shiga kwafin da zai bi hannaye, mai karɓa kaɗai ake faɗa wa.

Duba yana da inda ya tsaya. Yana nuna ko kwafi ya bi asali, ba ya nuna ko asalin gaskiya ne. Mai saƙo da kansa yana iya cewa saba'in da biyar alhali rasidin ya nuna 73.000, ko don ya manta an cire ladan aike a ciki. A nan kowane abu yana da shaidarsa: yawan kuɗi rasidi ne, rabon kuɗi muryar mai shi ce, rubutun suna kati ne. Idan biyu suka saɓa, mai dubawa ba ya zaɓar wanda ya fi kwanta masa a rai ya gyara shiru. Yakan nuna saɓanin, ya mayar da tambaya ga mai saƙo. Idan kuma babu asalin gaba ɗaya, an goge muryar don wayar ta cika ko saƙon baki ne aka ba direba a tasha, to babu abin da za a gwada, sai kira.

Wani abu da nake ganin ya kamata iyalai su sani shi ne bambancin kuskure da ha'inci. Kuskure ba ya da gefe: yau ya rage wa Inna, gobe ya ƙara mata, jibi ya taɓa rana ko suna, wuraren da ɗan aike ba ya cin komai. Ha'inci gefe ɗaya yake faɗawa kullum, kuma yakan zo da ɓatan asali: rasidi ya jiƙe, murya ta goge. Yara da yawa an ɗora musu sata a kan jikka goma da kunne ne kawai ya ci, kuma zumunci ya yi rauni a kan abin da sauraro na biyu zai warware. Idan duba ya zama al'adar kowane saƙo, na amintacce da na wanda ba a sani ba, ba wanda zai ɗauke shi a matsayin tuhuma.

Ga sakatarorin ƙungiyoyin manoma, masu shela, ma'aikatan rediyon karkara da duk yaron da ake miƙa wa waya a ce «saurara ka gaya mana»: kada ku goge muryar da ta zo da kuɗi sai an karɓa an raba, kada ku yar da takardar Faransanci don kun gama maida ta Hausa. Ku faɗi kuɗi da jikka ku rubuta shi da lamba, ku haɗa ranar mako da kwanan wata, ku kwafi suna daga kati, sannan ku ba wani asalin ya riƙe ku karanta masa naku kafin saƙon ya fita daga hannunku.